Zubi ɗaya ko kaɗan-kaɗan duk wata: littafin ajiyar wani ma'aikaci a Jidda, 2014 zuwa 2024

Mutumin da wannan nazari ya shafa Bakano ne mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ya sauka Jidda a watan Fabrairun 2014 da takardar aiki ta wani kamfanin kula da gine-gine. Tun ranar da ya karɓi albashinsa na farko yake rubuta shige da ficen kuɗinsa a littafi, kuma daga wannan littafi na ɗebo alƙaluman da ke ƙasa, da yardarsa. Na daidaita wasu zuwa cikakken adadi don sauƙin bi.

## Yadda gidansa yake

Albashinsa ya fara da riyal 3,500, daga baya ya tsaya a 4,000. Kamfani ke ba shi masauki. Yana aika riyal 1,600 Kano duk wata don matarsa da yara uku da mahaifiyarsa. Ci da sha da waya da mota suna cinye masa kusan 1,300. Abin da ke saura, tsakanin 1,000 da 1,100, shi ne ajiya. Idan zafi ya tsananta, daga Mayu zuwa Satumba, yana samun kuɗin ƙarin awoyi, domin a Jidda ba mai iya kwana da lalatacciyar na'ura. Burinsa ya koma gida da jarin buɗe shagon kansa da kuɗin rufin gida.

Riyal a ɗaure yake da dala tun 1986, dala ɗaya riyal 3.75. Mai ajiya da riyal tamkar mai ajiya da dala ne. A shekarunsa na farko bai lura da muhimmancin wannan ba.

## 2014 zuwa 2019: ajiyar da ta narke a gida

Da farko duk abin da ya rage yana canza shi zuwa naira, ya tura asusunsa na banki a Kano. Zuwa ƙarshen 2015 ya tura kusan riyal 20,000, suka zama naira miliyan ɗaya da 'yan kai. A Yunin 2016 Babban Bankin Najeriya ya saki naira, wadda ya daɗe yana riƙe da ita a 197 kan dala. A farkon 2017 dala ta kai 500 a hannun 'yan canji kafin ta dawo ta zauna kusa da 360. A wannan farashi miliyan ɗin nasa bai wuce riyal 10,400 ba. Rabin gumin shekara biyu ya tafi alhali ba a cire ko sisi daga asusun ba.

Ya kwashe kuɗin ya sayi fili a bayan gari. Daga Janairun 2018 ya daina tura ajiya gida, ya bar ta a asusunsa na Jidda. Zuwa tsakiyar 2020 ya tara riyal 30,000.

## Agustan 2020: zubi na farko

A shekarar korona zinare ya yi ta hawa. A makon farko na Agusta oza ɗaya, wato kimanin giram 31, ta haura dala 2,000, abin da ba a taɓa gani ba. A masaukinsu ba a hirar komai sai wannan. Wani abokin aikinsa da ya saya tun 2019 yana nuna wa kowa rasit ɗinsa.

Bai son ajiyar da ke kawo kuɗin ruwa, hannun jari kuma bai san kansa ba. Zinare kuwa ya san shi tun yana yaro a wuyan iyayensa mata. Ya tambayi masu saye, suka ce ya guji sarƙa da awarwaro, domin akwai kuɗin ƙira a kansu, ga harajin kaya da aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a Yulin shekarar. Tsantsar zinare da ake zubawa sanda-sanda, wadda a can ake kira sabika, ba a ɗora mata wannan haraji. Ya je kasuwar zinare ta Balad ya sayi giram 120 a kan riyal 250 kowane giram, ya biya hannu da hannu kamar yadda shari'a ta tanada a cinikin zinare. Riyal 30,000 cif. Abin da ya rage a asusunsa bai kai 400 ba.

Bayan kwanaki kaɗan farashi ya juya. Bai faɗi warwas ba, sauka ya riƙa yi a hankali, wata bayan wata. A littafin, ƙarƙashin Nuwamba, ya rubuta farashin ranar ya ja layi biyu a ƙasansa, bai ƙara komai ba.

## Maris 2021: sayarwar dole

Abu biyu suka haɗu. Kamfani ya riƙe albashin wata biyu. A cikin wannan hali ƙaninsa ya kira shi da dare ya ce, "Yaya, likita ya ce sai an yi wa Hajiya aiki cikin makon nan."

Kuɗin asibiti sun kai kimanin riyal 6,000, ga cefanen gida na wata biyu. A lokacin oza ta sauko ƙasa da dala 1,700, wato giram kusan riyal 203. Mai shago ba ya saye a farashin da yake sayarwa, don haka ya taya 200. Ya sayar da giram 50, ya karɓi riyal 10,000 a kan abin da ya saya 12,500. Asarar 2,500, fiye da rabin albashin wata. Giram 70 suka rage.

Aikin Hajiya ya yi kyau. A watan Mayu kamfani ya biya bashin albashi, riyal 8,000. Ya biya mai kanti da wani aboki 2,000, sauran 6,000 ya buɗe musu asusu dabam ya ce ba zai taɓa su ba. Daga nan kuɗin ko-ta-kwana suka samo asali.

## Yulin 2021 zuwa Yunin 2022: sayen wata-wata ba tare da doka ba

Bayan wannan ƙuna ya ce ba zai sake zuba kuɗi lokaci guda ba. Zai riƙa sayen zinaren riyal 1,000 duk wata. Hikimar wannan hanya ita ce kuɗin da kake fitarwa ba sa canzawa, don haka idan farashi ya sauka za ka sami giram da yawa, idan ya hau ka sami kaɗan. Riyal 1,000 a farashin 200 giram 5 ne, a farashin 250 kuma giram 4. Wanda ya saya a watannin biyu ya sami giram 9 da riyal 2,000, kowane giram ya zo masa a 222, ƙasa kaɗan da tsakiyar farashin biyu, wato 225. Ribar lissafin ke nan, kuma ba ta da yawa. Babban amfanin shi ne mutum ba ya jingina duk ajiyarsa a kan farashin rana ɗaya.

A aikace abin bai tafi haka ba. Cikin wata 12 sau biyar kawai ya saya.

Littafin ya nuna dalilin kowane tsallake. A wata biyu ya ga farashi ya ɗan ɗaga ya ce bari ya sauko. A Maris 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya tura oza sama da dala 2,000, ya ce wannan irin tarkon Agusta ne, ya ƙi saye wata biyu a jere. Sauran ukun kuwa kuɗin sun zauna a asusun albashi har tsakiyar wata, sai suna ya zo, sai kuɗin makarantar ɗan ƙanwarsa, sai gudummawar biki. Ko ɗaya daga cikin watannin da ya ce yana jira, kuɗinsu ba su kai ga zinare daga baya ba. Riyal 7,000 suka bi ruwa ta nan.

Akwai kuma asarar da bai gani ba sai da ya jera rasit. Yana sayen ƙananan sabika masu giram ɗaya-ɗaya. Kuɗin zubi da na takarda da ribar mai shago kusan ɗaya ne ko sandar ƙarama ce ko babba, saboda haka a kan ƙarama sun fi ciwo. Giram da kasuwa ke cewa 217 shi yana biyan 240, ƙarin kusan kashi 10 cikin ɗari, kuma ranar sayarwa ba mai mayar masa da wannan ƙari. Ya tashi da giram 20 a kan riyal 4,800.

## Yulin 2022: dokokin da ya rubuta

Wani dattijo ɗan Damagaram da ya shekara ashirin yana aikin ajiyar kaya a tashar jiragen ruwa ya duba littafin ya ce masa, "Malam, kai ba ka da ranar saye, ba ka da ranar tsayawa. Kullum sai ka tashi ka tambayi zuciyarka." A daren ya buɗe shafin ƙarshe na littafin ya rubuta dokoki, ya karanta wa matarsa ta waya don ta zama shaida.

Ta fuskar saye, washegarin shigar albashi riyal 1,100 za su fita zuwa asusu na uku, kafin ma ya aika na gida. A ranar Asabar ta farko bayan haka zai je kasuwa. Idan abin da ke asusun ya isa sabika mai giram 5 zai saya, ko nawa farashin yake. Idan bai isa ba, ko an sami canji, sai ya haɗu da na wata mai zuwa. Ya daina sayen mai giram ɗaya. Ƙarin da ake ɗorawa a kan mai giram 5 ya tsaya masa kusan kashi 3 cikin ɗari.

Dokokin tsayawa su suka fi cin shafin. Zai dakatar da saye idan albashi ya makara fiye da kwana 15, ko aka ba shi takardar sallama. Zai dakatar idan kuɗin ko-ta-kwana suka gaza na wata uku, wato riyal 9,000 a lissafinsa na aike da ci. Rashin lafiyar mahaifiya ko mata ko yara daga wannan asusu za a biya, idan biyan ya sauko da shi ƙasa da 9,000 to sayen zinare ya tsaya har sai ya cike. Zai dakatar idan akwai bashin wani a kansa. Na huɗu ya shafi zaman baƙunta: idan saura wata biyu igamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare kuma kamfani bai sabunta ba, zai tsaya, ya cire kuɗin wata guda ya riƙe a hannu, saboda banki yana rufe asusun baƙo idan igama ta mutu, ko da kuɗinsa na ciki.

Ya kuma rubuta abubuwan da ba za su sa ya tsaya ba: hawan farashi, saukar farashi, biki, suna, labarin da aka ji a masauki. Hidimar dangi tana da nata kason daga kuɗin ƙarin awoyi, idan ya ƙare ya ƙare. Zakka ma daga nan yake ware ta, kashi 2.5 cikin ɗari, tunda abin da yake da shi ya wuce nisabin giram 85.

Sai sharuɗɗa uku a ƙasa. Tsayawa ba sayarwa ba ce: ba zai sayar da ko giram ɗaya ba sai ko-ta-kwana ta ƙare ƙarƙaf. Komawa saye kuma ba sai ya ji daɗin farashi ba: da zarar albashi ya shigo a kan lokaci sau ɗaya, asusun ko-ta-kwana kuma ya haura 9,000, ya koma. Ba zai ninka don rama watannin da suka wuce ba. Duk tsayawa sai an rubuta ranarta da lambar dokar da ta sa, domin idan ba a sami lamba ba, to dalilin ba dalili ba ne.

Ƙarin awoyin Mayu da Yuni ya kai ko-ta-kwana 9,000, ya fara saye a Yuli. Zuwa Satumba ta kai 12,000, inda ya tsayar.

## Yulin 2022 zuwa Yulin 2023: gwaji biyu

Gwajin farko ya zo da wuri. Babban bankin Amurka yana ta ɗaga kuɗin ruwa a 2022, dala ta yi ƙarfi, zinare ya sauko har oza ta kusa 1,630 tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Nuwamba. Giram ya koma ƙasa da riyal 200. Zinarensa na 2020 ya rasa kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa. Abokin nan mai nuna rasit ya sayar da nasa. Shi kuwa ya duba shafin ƙarshe bai sami dokar da ta ba shi damar tsayawa ba, ya je ya sayi giram 5 a kan riyal 1,030. Ita ce sabika mafi araha a duk littafin. A wata shida na ƙarshen 2022 ya tara giram 30 a kan riyal 6,450.

Gwaji na biyu daga gida ya zo. A Fabrairun 2023 ƙaninsa zai yi aure, aka yi tsammanin Yaya zai ɗauki lefe gaba ɗaya. Ya ba da riyal 1,800 da ke cikin kason hidima, ya ce iyakar abin da ke akwai ke nan. An yi masa fushi na 'yan makonni. Matarsa ce ta tsaya masa wajen Hajiya, ta tuna mata yadda aka yi a Maris 2021.

## Agusta zuwa Nuwamban 2023: tsayawa

A ƙarshen Yuli kamfani ya rasa wata babbar kwangila ya sallami ma'aikata da dama, har da shi. A shafin Agusta ya rubuta: an tsaya, doka ta ɗaya.

Wata huɗu ya yi ba albashi. Ya koma ɗakin wani aboki yana ba da nasa kason haya, ya rage aike zuwa 1,400, ya cire kuɗi ya riƙe a hannu saboda batun igama. A farkon Oktoba oza ta sauko kusa da dala 1,820. Da ba shi da ko-ta-kwana, a wannan farashi zai sayar. Ya kuma ce ya ji kwaɗayin saye a makon, tunda ga araha, amma dokar da ta hana shi tsayawa don tsada ita ta hana shi komawa don araha. Ya kashe riyal 11,000 cikin 12,000. Bai sayar da ko giram ɗaya ba.

A Nuwamba ya sami wani kamfani a kan albashi iri ɗaya, aka mayar da kafalarsa, wato ɗaukar nauyin zamansa, can, ya fara aiki ranar 1 ga Disamba. A Nuwamban ne kuma tsohon kamfani ya biya shi haƙƙin kammala aiki. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba ma'aikaci rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, da cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Wanda ya ajiye aiki da kansa kafin shekara goma ana rage masa, shi kuwa sallamarsa aka yi, don haka ya sami cikakke. Shekara tara da rabi sun ba shi albashin wata bakwai, riyal 28,000.

## Disamban 2023: zubi na biyu

Wannan karo ya fara da cike ko-ta-kwana, riyal 11,000. Saura 17,000, kuma tambayar 2020 ta dawo da kamarta: a farkon Disamba zinare ya sake kafa sabon tarihi na tsada, giram da ƙari yana kusa da 250, daidai farashin da ya ƙone shi.

Ya raba kuɗin biyu. A tsakiyar Disamba ya sayi giram 35 da riyal 8,750. Sauran ya rubuta cewa zai sayi sabika ɗaya mai giram 5 kowane wata daga Janairu zuwa Yuni, a kan ta wata-wata da ya saba. Ya sa wa'adin wata shida da gangan, domin ya san kuɗin da ba su da ranar fita a hannunsa ba sa kwana.

Janairu da Fabrairu farashi bai motsa sosai ba. A Maris ya tashi, a Afrilu oza ta haura dala 2,300. A Afrilun ya rubuta cewa zuciyarsa ta ce ya jira, ya duba bai sami lamba ba, ya saya. Sabika shidan sun ci riyal 8,220. Jimilla giram 65 daga kuɗin sallama.

A Fabrairun 2024 wata jarrabawa ta ɓullo daga Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, inda dala ta wuce naira 1,500, 'yan uwa suna ta cewa ya sayar ya turo a juya. Bai yi ba. Farashin siminti da shinkafa sun bi dalar a watannin, kuma bai manta 2016 ba.

## Disamban 2024: abin da ke ƙasa

Daga Yulin 2022 zuwa ƙarshen 2024 wata 30 ne. Ya zuba a 26, ya tsaya a huɗu, duka huɗun da lambar doka. Sayen wata-wata ya ba shi giram 110 a kan riyal 28,205, kowane giram 256 a tsakaice. Idan aka haɗa da 70 na 2020, da 20 na shekarar da ba doka, da 65 na kuɗin sallama, yana da giram 265 da ya biya wa riyal 67,475. A ƙarshen shekarar oza tana kusa da dala 2,620, masu shago suna taya giram 310. Zinarensa ya kai riyal 82,150, ga 12,000 na ko-ta-kwana a gefe, ba bashin kowa.

## Abin da lissafin ya nuna

Sau biyu ya riƙe kuɗi a dunƙule, kuma amsar ta bambanta. A Agustan 2020 zubi ɗaya ya ba shi giram 120. Da ya raba riyal 30,000 ɗin a kan wata 12 da ya sami kusan 130. A Disamban 2023 kuwa, da ya zuba 17,000 gaba ɗaya da ya sami giram 68, rabawar da ya yi ta ba shi 65, da kuma ya shimfiɗa su a kan duk watannin 2024 da bai wuce 57 ba. Karo na farko rabawa ta yi nasara da giram 10, karo na biyu zubi ɗaya ya yi nasara da 11. A ranakun biyu farashin 250 ne, kuma a duka biyun ana cewa zinare bai taɓa tsada haka ba. Babu alamar da za ta gaya masa wanne ne wanne.

Masu nazarin kasuwa sun daɗe da auna wannan. Kamfanin Vanguard ya fitar da bincike a 2012 a kan kasuwannin Amurka da Birtaniya da Ostareliya, ya gano cewa zubi ɗaya ya fi rabawa a kan wata 12 a kusan kashi biyu cikin uku na lokutan da aka gwada. Dalilin shi ne hannun jari ya fi yawan hawa fiye da sauka, don haka kuɗin da ke zaune suna jiran layi sukan rasa wani abu. Sai dai binciken a kan hannun jari da takardun lamuni aka yi shi, waɗanda ke haifar da riba. Zinare ba ya haihuwa, kuma yana iya daɗewa a ƙasa: wanda ya saya a ƙololuwar 2011 sai 2020 ya sake ganin farashinsa. Shi ma mutuminmu sai a Maris 2024 giram ɗinsa na 2020 suka dawo da kuɗinsu, bayan shekara uku da wata bakwai. Ribar da ke littafinsa a ƙarshen 2024 kusan duka ta shekara ɗaya ce mai kyau, ba tsarinsa ne ya haife ta ba. A ganina ma rauninsa da ya rage shi ne duk ajiyarsa mai nisa tana cikin abu guda.

Asarar da ta fi girma a littafin ba ta cikin wannan gardama. Da a Agustan 2020 ya ware riyal 10,000 ya sayi zinaren 20,000 kawai, a ranar nan mara kyau, da ya fita daga Maris 2021 da giram 80 maimakon 70. Watanni bakwai da ya tsallake ba bisa doka ba sun ci riyal 7,000, kimanin giram 30. Giram 40 ke nan, ninki huɗu na bambancin da ke tsakanin zubi ɗaya da rabawa a kowane karo.

Ga ma'aikacin da ke ci-rani, mafi yawan ajiyarsa ba ta da zaɓi tun asali, domin albashi wata-wata yake zuwa. Wanda ya tara shi yana jiran ranar araha, kamar yadda wannan ya yi a 2021, ya zaɓi hanya ta uku da ta fi biyun muni, tunda kuɗin da ke kusa da waya dangi na da haƙƙi a kansu kuma shi ba zai iya cewa babu ba. Zaɓin gaskiya yana zuwa ne sau ɗaya ko biyu, da kuɗin sallama ko bashin albashi. A nan ina ganin abin da ya yi a 2023 daidai ne ga mai irin halinsa, duk da giram 3 da ya rasa, kusan riyal 930. Mutumin da zamansa a ƙasa ke rataye da takardar aiki yana iya rasa albashi da masauki da asusun banki a mako guda, kuma wanda ya taɓa ƙonewa a zubi ɗaya yana iya firgita ya sayar idan abin ya maimaitu. Da ni ne zan taƙaita wa'adin rabawar zuwa wata uku ko huɗu, kuma zan ɗaga ko-ta-kwana zuwa na wata shida, saboda a 2023 saura riyal 1,000 ta ƙare lokacin da aiki ya samu. Da neman aikin ya ƙara wata ɗaya, kuma kuɗin sallama suka makara kamar yadda albashi ya makara a 2021, da ya koma Balad da sabika a aljihu.

A Janairun 2025 ya gyara shafin ƙarshe. Ya mayar da ko-ta-kwana riyal 18,000, ya kuma ƙara doka ta biyar: shekara guda kafin komawarsa gida zai daina saye, ya fara sayarwa kashi-kashi a ranakun da zai rubuta tun kafin lokacin.